Babi na Shida: Wace Taya Za Ta Koma Ina, Kuma Yaushe?

"Tayoyi huɗun nan rana ɗaya na saye su, shago ɗaya, kamfani ɗaya. To me ya sa na gaba suka suɗe, na baya kuwa kamar ba a taɓa hawa ba?"

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai faci a Krofrom, ko a bakin titin da ya nufi Magazin ta Suame, ya ji direba yana wannan tambaya. Mafi yawan lokaci laifin a kan mai sayar da taya yake faɗawa, a ce ya haɗa wa mutum da jabu. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma ko da tayoyin na gaske ne, ƙafafu huɗu na mota ba aiki ɗaya suke yi ba, saboda haka ba za su ci daidai ba. Maganin shi ne a riƙa sauya musu wuri lokaci zuwa lokaci, kamar yadda ake juya katifa don kada gefe ɗaya ya lotsa. Sai dai sauyin yana da tsari, kuma tsarin ya danganta da abu guda: waɗanne ƙafafu ne injin yake juyawa?

Fara sanin ƙafar da ke aiki

Motocin da ke yawo a Kumasi kashi uku ne ta wannan fuska. Akwai mai jan gaba, wadda injinta ke juya ƙafafun gaba. Nan ne kusan dukkan tasi suke: Vitz, Yaris, Corolla, Picanto, i10, Matiz. Akwai mai turin baya, wadda ƙarfin injin ke bi ta farfela zuwa ƙafafun baya su tura motar. Yawancin tirotiro nan suke, irin su Hiace da Urvan da akasarin Sprinter, haka ma akori-kura da tsofaffin Marsandi. Sai ta uku, mai aiki da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil.

Kada a yanke hukunci da siffar mota. Bas ɗin nan Ssangyong Istana, wadda ta daɗe tana aikin haya a Ghana, in ka gan ta sai ka ɗauka 'yar uwar Hiace ce, alhali da ƙafafun gaba take ja. Hanya mafi sauƙi ita ce a durƙusa a leƙa ƙarƙashi. Idan ka ga dogon bututun ƙarfe ya taso daga giya ya nufi wani tulu a tsakanin ƙafafun baya, ƙarfi yana zuwa baya. Idan babu shi, sai gajerun shaf biyu masu robar nan mai lanƙwasa suna shiga ƙafafun gaba, mai jan gaba ce. Idan ka ga duka biyun, fowil ce.

Da ka san wannan, ƙa'ida ɗaya ta isa ta riƙe maka sauran babin: tayoyin da ke kan ƙafafun da injin ke juyawa suna tafiya miƙe, kowace a ɓangarenta, waɗanda ake ja kawai su ne ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren.

Mai jan gaba

A tasi irin Corolla, tayoyin gaba su ne bayin gidan. Su ke ja, su ke juya kan mota, su ke ɗaukar mafi yawan birki, kuma injin da giya a kansu suke zaune, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar idan babu fasinja. Na baya biye kawai suke yi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne na gaba su ci ninki biyu na abin da na baya suka ci, wani lokaci ma fiye, musamman ga motar da ke wuni cikin cunkoson Kejetia, taka birki, tashi, taka birki.

Ko a cikin na gaban biyu akwai bambanci. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama. Ma'anarsa, duk shataletalen da ka shiga, na Suame ne ko wani, hagu kake karkata sitiyari, nauyin mota kuma yana kwantawa a kan tayar gaba ta dama, yana goge kafaɗarta ta waje. Ita ce kuma ke bin gefen titi inda kwalta ta gutsure, ita ke gogar bakin kwata duk lokacin da direba ya raɓa ya ɗauki fasinja. A motar haya ta cikin gari, sau da yawa ita ce farkon mutuwa.

Tsarin sauyin a nan shi ne: tayar gaba ta hagu ta koma baya ta hagu, tayar gaba ta dama ta koma baya ta dama. Su kuma na baya su tsallaka: ta baya hagu ta tafi gaba dama, ta baya dama ta tafi gaba hagu.

Me ya sa ba a tsallaka da duka huɗun ba, a huta? Ana yi, kuma ba laifi ba ne: gaba hagu ta yi musaya da baya dama, gaba dama ta yi musaya da baya hagu. Amma bi sawun taya ɗaya ka gani. A wannan musayar, tayar da ta fara a gaba dama za ta je baya hagu, a sauyi na gaba ta dawo gaba dama, wurin da ya fi ko'ina cin taya. Gurbi biyu kawai za ta sani har ta mutu. A tsarin farko kuwa, daga gaba dama za ta je baya dama, daga nan gaba hagu, sai baya hagu, sannan ta dawo inda ta fara. Cikin sauyi huɗu ta ɗanɗana kowane lungu, kuma kowace 'yar uwarta ta karɓi rabonta na wahalar gaba dama. Don haka na fi son tsarin farko ga tasi.

Tsallakawar tana da wani amfanin da ido ba ya saurin gani. Shafa tafin hannunka a kan tayar baya ta tasi da ta daɗe a wuri ɗaya, ka bi zanen gaba, ka dawo baya. Za ka ji ta wani ɓangaren sumul, ta ɗayan kuma tana kama hannu kamar haƙoran zarto. Tayar da ba ta ja, tana juyawa ta fuska ɗaya kullum, haka take ci: gefe ɗaya na kowane ɗan tudun zane ya fi ɗayan gogewa. Wannan ne ke kawo gurnanin nan da direbobi kan ɗauka boris ne ya lalace. Idan taya ta tsallaka ɗaya ɓangaren, juyinta ya koma akasin na da, sai titi ya shiga goge haƙoran ta ɗaya fuskar.

Tsofaffin masu faci da yawa har yau ba sa yarda da wannan. Za ka ji masta yana cewa yaronsa, "Kai, kada ka kai ta wancan ɓangaren, wayarta za ta tashi." Maganar tana da asali: a zamanin da tayoyi masu wayar ƙarfe suka fara yaɗuwa, haka masu ƙera su suke gargaɗi. An daɗe da wuce nan. Kamfanonin taya na yau da kansu suke ba da tsarin tsallakawa, in ban da nau'in da za mu zo kansa nan gaba.

Mai turin baya

A nan aikin ya rabu biyu. Ƙafafun baya ke turawa, kuma a tirotiro su ke ɗauke da fasinja da buhunan doya. Na gaba ke juya kai da riƙe birki. Saboda haka tazarar cin ba ta kai ta tasi ba, amma salon cin ya bambanta: na baya suna suɗewa a shimfiɗe, har tsakiyarsu kan riga gefe, na gaba kuwa kafaɗunsu ne ke zagwanyewa. Sauyin wuri shi ke sa kowace taya ta ci ta tsakiya ta ci ta gefe, maimakon a yar da ita da rabin zanenta.

Ƙa'idar ba ta canza ba, juyewa kawai ta yi. Na baya, da yake su injin ke juyawa, su tafi gaba miƙe: baya hagu zuwa gaba hagu, baya dama zuwa gaba dama. Na gaba su tsallaka: gaba hagu zuwa baya dama, gaba dama zuwa baya hagu.

Abu biyu ne ke ɓata wannan aiki a tasha. Na farko iska. Motar ɗaukar kaya ko fasinja yawanci tana son iskar baya ta fi ta gaba, kuma adadin yana rubuce a 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Idan aka sauya wuri aka bar kowace taya da iskarta ta da, na baya sun zama marasa isasshiyar iska a ƙarƙashin kaya, za su yi zafi a doguwar hanya irin ta Techiman zuwa Kintampo, kuma zafi shi ke fasa taya. Na biyu ya fi haɗari. Tayar bas tana da harafin C a ƙarshen lambar girmanta, misali 195R15C, alamar an gina ta don ɗaukar nauyi. Na sha ganin tirotiro da aka sa wa tayar ƙaramar mota a gaba don ta fi araha. Wannan tun farko kuskure ne, amma ranar da yaron mai faci ya bi tsari ya mayar da ita baya, ƙarƙashin mutum goma sha biyar, kuskuren ya zama ganganci da rayuka. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a karanta jikin tayoyin huɗu.

Sprinter mai tagwayen taya a baya lissafinta daban ne. Babban abin lura a can shi ne tagwayen biyu su zama tsayi ɗaya, domin in ɗaya ta fi tsayi ita kaɗai za ta ɗauki kayan.

Fowil iri-iri ce

Mutane suna haɗa su a suna ɗaya, amma aƙalla iri uku ne. Hilux da Navara, a kan kwalta, masu turin baya ne zalla, sai direba ya sa 4H ƙafafun gaba ke shiga aiki. Tsarinsu na mai turin baya ne. Prado da manyan Land Cruiser na zamani kullum da ƙafa huɗu suke tafiya, su ma tsarin mai turin baya ake bi musu, ko musayar tsallake ta duka huɗun. Sai irin RAV4 da CR-V, waɗanda asalinsu masu jan gaba ne, ƙafafun baya ba sa karɓar ƙarfi sosai sai an ji santsi. Waɗannan tayoyin gabansu ne ke riga ci. Wasu kamfanonin suna ba su tsarin mai jan gaba, wasu gaba da baya kawai ba tsallakawa, don haka a duba littafin motar. Wasu RAV4 da CR-V ɗin ma ba fowil ba ne sam, sai an leƙa ƙarƙashi.

Abin da ya sa mai fowil bai kamata ya yi wasa da sauyin wuri ba ya wuce maganar kuɗin taya. Ɗauki taya mai lamba 225/65R17, wadda RAV4 da yawa ke sawa. Kewayenta kusan mita 2.27 ne, wato tana juyawa kusan sau 440 a kowace kilomita. A ce na gaba sun fi na baya cinyewa da milimita 3. Kewayensu ya ragu da kusan milimita 19. Kaɗan ne a ido, amma yana nufin a kowace kilomita na gaba suna ƙarin juyi fiye da uku da rabi. Daga Kumasi zuwa Tamale, tafiyar kusan kilomita 380, ƙarin ya haura juyi 1,300. Na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ita ke shanye wannan bambanci. A wasu motocin tana ɗaukarsa a matsayin santsi, sai ta yi ta kamawa tana saki, manta ya yi zafi, faifanta su ci. Gyaranta a Magazin ya fi kuɗin tayoyi huɗu. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan motoci ke son tazarar zurfin zane tsakanin tayoyi ta tsaya ƙasa da milimita 2 ko kusa da haka, kuma tayoyin su zama girma ɗaya, kamfani ɗaya.

Tayoyin da ba sa tsallakawa

Duba gefen taya. Idan ka ga kibiya tare da kalmar ROTATION, an zana ta ne ta juya ta fuska ɗaya tak, zanenta mai kama da kan mashi yana watsar da ruwa gefe. Irin wannan gaba da baya kawai take yi a ɓangarenta, ko da wace irin mota ce. In ta tsallaka, za ta riƙa tara ruwa ƙarƙashinta maimakon kore shi. Suna da yawa cikin hom-yus da ake shigowa da su daga Turai, musamman tayoyin da aka yi don lokacin ƙanƙara, waɗanda ma ba su dace da zafinmu ba. Wadda aka rubuta wa OUTSIDE daban ce: tana iya zuwa kowane lungu, muddin ba a cire ta daga rim aka kifa ta ba. Wasu Marsandi da BMW kuma tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi. Su sai dai hagu da dama su yi musaya, in babu kibiya.

Safaya fa? Siririyar nan ta wucin gadi ba ta shiga lissafi. Amma in cikakkiya ce, girma ɗaya da rim iri ɗaya da sauran, kamar ta Hilux ko Prado, asara ce a bar ta tana tsufa a rataye. Tsarin da aka saba: safaya ta shiga baya dama, tayar da ya kamata ta je baya dama ita ta zama sabuwar safaya. A mai jan gaba, gaba dama ce ke hutawa. A mai turin baya da fowil, gaba hagu ce. Sai dai a fara tun tayoyin suna sababbi. Safaya mai cikakken zane da aka jefa cikin tayoyin da suka ci rabi, a fowil, ita ce matsalar da muka lissafa ɗazu.

Bayan tafiya nawa?

Yawancin masu ƙera mota da taya suna sa shi tsakanin kilomita 8,000 zuwa 10,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ga motar da kullum ƙafa huɗu ke aiki, ko tasi mai wuni a cikin gari, gara a matso da shi zuwa tsakanin 5,000 da 8,000. Mai motar da aka shigo da ita daga Amurka ya lura, agogonta mil yake ƙirgawa: mil 5,000 shi ne kilomita 8,000.

"Wata shida" ɗin nan shi ke yaudarar masu haya, domin an faɗe shi ne don ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo. A ce tasi tana yin kilomita 150 a rana, kwana shida a mako. Kilomita 900 ke nan, za ta cika 8,000 cikin mako tara. Bas ɗin da ke zuwa Tamale ta dawo sau uku a mako tana cin kusan 2,300, ba za ta kai wata guda ba lokacinta ya yi. In agogon mota ya mutu, kamar yadda yake a tirotiro da yawa, a yi wannan lissafin sau ɗaya a mayar da shi makonni. Mafi sauƙi kuma a ɗaura shi da juyen baƙin mai: wanda ke juye mai duk kilomita 5,000, ya sauya wa tayoyi wuri duk juye na biyu, in fowil ce ko tasi mai wahala, duk juye. Sauyin farko bayan sayen sababbin tayoyi shi ya fi kowanne muhimmanci, domin a lokacin zane yana da tsawo da laushi, a nan mugun ci ke kafa tushe.

Agogo ba shi ne alƙali na ƙarshe ba. Akwai ɗan ma'aunin zurfin zane, bai fi girman makulli ba, ana samu a shagunan kayan mota. In ya nuna gaba da baya sun rabu da milimita ɗaya da rabi, lokaci ya yi, ko agogo bai kai ba.

Lissafin wata Corolla

Mu ɗauki tasi da aka sa wa sababbin tayoyi huɗu masu zurfin zane milimita 8. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta sa iyaka a milimita 1.6, daidai da ɗan tudun nan da ke ɓoye a cikin ramin zane. Mu ce mai motar zai cire su a milimita 2, yana da milimita 6 na ci ke nan. Don misali, a ce na gaba suna cin milimita 2 a kowace kilomita 10,000, na baya milimita 1.

In bai taɓa sauyawa ba, a kilomita 30,000 na gaba sun ƙare, na baya suna da milimita 5. In yana sauyawa duk 10,000: bayan zagayen farko na gaba 6, na baya 7. A sauya. Bayan na biyu duka huɗun suna 5. Bayan na uku 3 da 4, bayan na huɗu duka suna 2. Sun kai kilomita 40,000 tare.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da masu talla ba sa faɗa. Sauyin wuri ba ya ƙara roba. A lissafin nan motar tana cin milimita 6 jimilla a kan tayoyi huɗu a kowace kilomita 10,000, ko an sauya ko ba a sauya ba. Direban da ya ce, "Maigida, ni bibbiyu nake iya saye, huɗu a lokaci ɗaya sun fi ƙarfina," ba shirme yake faɗa ba. Ribar tana wani wuri. Tayar da ta daɗe a gurbi ɗaya ba daidai take ci ba, kafaɗa ɗaya kan kai waya alhali tsakiya na da milimita 4, a yar da ita da sauran amfaninta. Tayar baya da aka bari shekaru kuma rana da tsufa kan tsattsage ta kafin zanenta ya ƙare. Sannan motar da ƙafafunta huɗu ke riƙe titi daidai ta fi biyayya ranar da aka yi ruwan nan na Kumasi mai cika kwata.

Akwai kuma lokacin da sauyin ya makara. A ce mai Corollar bai waiwayi tayoyinsa ba sai a kilomita 25,000: na gaba 3, na baya 5 da rabi. Hankali zai ce a kai masu kyau gaba. Amma hakan na nufin suɗaɗɗun sun koma baya, kuma a kan jiƙaƙƙen titi, in ƙafafun baya suka fara sakin ƙasa a kwana, gindin mota ne ke wulwulowa, abin da ko gwanin direba da ƙyar yake tarewa. In gaba ce ta zame, ɗaga ƙafa daga totur kan dawo da ita. Saboda haka a wannan hali a bar su inda suke, a ƙarasa na gaban, a sayi biyu sababbi a sa su a baya, na bayan su dawo gaba. Wannan ya shafi kowace irin mota, har mai jan gaba, ko da yake na san direbobi da yawa za su yi gardama a kai.

Wanda ke hawa hom-yus, kowace taya da kamfaninta da shekarunta, shi ma tsarin littafi ba zai zauna masa daidai ba. Ya haɗa biyun da suka fi kama da juna a girma da zurfin zane su zauna a layi ɗaya, gaba ko baya, su riƙa tafiya tare. Ya kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

A gaban mai faci

Aikin bai fi minti talatin ba, amma a tsaya a kai. Kafin a ɗaga mota, a sa alli a rubuta wa kowace taya inda ta fito: GH, GD, BH, BD. Yaro mai jak ɗaya ma zai iya, in ya ari safaya ta riƙe gurbi. Ga mai jan gaba: ya cire gaba hagu ya sa safaya, ya kai ta baya hagu, wadda ya cire a can ya kai ta gaba dama, ta gaba dama ta je baya dama, ta baya dama ta zo gaba hagu, safaya ta koma but. Ɗagawa biyar. Mota ta tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, da waigi a ƙafa, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak.

Kowace taya da ta sauko, a mirgina ta a duba cikinta, ɓangaren da ba a gani in tana jikin mota: ƙusa, kumburi, tsagewa. A goge tsatsa da laka daga fuskar da rim ke zama. A fara ɗaura noti da hannu, a ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Ɗaurin yana da awo, na Corolla kusan 103 ne a ma'aunin Nm, ƙarfin hannu ne da sifana madaidaiciya. Yaron da ke zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana miƙar da ƙusoshin ne, wata rana su karye. A daidaita iska da sabon gurbi, a sake gwada notin bayan kilomita 50 zuwa 100.

In bayan sauyi sitiyari ya fara rawa a wajen gudun kilomita 80 zuwa 100, tayar da ta zo daga baya tana buƙatar balansin, ko rim ɗinta ya lanƙwashe, da can a baya ne ba ka ji ba. In ƙara ce kawai ta ƙaru, haƙoran zarton nan ne, sukan lafa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Amma in ka tarar taya ɗaya ta cinye ta ciki kawai, ko ta yi kwari-kwari a kewaye, kada ka kai lafiyayya wannan gurbin ka tafi, ita ma haka zai cinye ta. Ciwon yana ƙafar motar: alaimen, ko shok, ko bushin. Yadda ake karanta waɗannan alamu a fuskar taya, a gane wane ƙarfe ne ya gaji kafin a je wurin mai alaimen, shi ne aikin babi na bakwai.